Jarabawar da malami ke shirya wa ajinsa: tambayoyi da amsoshi kan tsara ta da ba da maki bisa adalci

Waɗannan su ne tambayoyin da malaman firamare da na ƙananan azuzuwan sakandare a Garwa da Marwa da Ngaundere suka fi maimaitawa idan aka zauna taron ƙara wa juna sani gab da jarabawar sekans, wato wadda ake yi a aji bayan 'yan makonni na karatu. Ba maganar CEP ko BEPC ake yi ba, waɗannan hukuma ce ke shirya su. Ana magana ne kan takardar da kai malam ka rubuta da hannunka, ka ba yaranka, ka duba, ka sa maki kan 20. Don kada magana ta watse, misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshe: mu ɗauka ajin CM2 ne, ajin ƙarshe na firamare, mai yara 80, jarabawar kuma ta lissafi ce.

Na ba kowa tambayoyi iri ɗaya a lokaci ɗaya. Ashe wannan bai isa adalci ba?

Bai isa ba. Sharuɗɗa biyu ne suka rage. Na farko, jarabawar ta auna abin da ka ce za ta auna, wato abin da ka koyar, ba wani abu daban ba. Idan ka ce ta lissafi ce amma yaro ya faɗi saboda bai gane wata doguwar jimlar Faransanci ba, to karatunsa ka auna, ka rubuta sakamakon a gurbin lissafi. Na biyu, amsa iri ɗaya ta samu maki iri ɗaya, ko wa ya rubuta ta, ko wa ya duba ta, da safe ne ko da dare. Mai awo da ke da mudu biyu, ɗaya na wanda ya sani ɗaya na baƙo, kowa ya san sunansa a kasuwa. Malami yakan yi irin wannan ba da niyya ba, kuma shi ya sa yake da wuyar ganewa.

Sharaɗin farko ana cika shi kafin ranar jarabawa, wajen raba maki da rubuta tambayoyi. Na biyu kuwa aikin barem ne, wato rubutaccen tsarin rabon maki, da yadda ake duba takardu, kuma amsoshinsa suna ƙasa.

Ta yaya zan raba maki 20 tsakanin darussan da na koyar?

Ka buɗe littafin da kake rubuta darussan yau da kullum, ka ƙirga awannin da kowane babi ya ci da gaske, ba waɗanda aka tsara masa a takarda ba. Mu ce a wannan sekans ka yi awa 30 na lissafi: 12 a kan lissafin kashi irin su 1/2 da 2/5, 9 a kan kashi cikin ɗari, 6 a kan girman fili, 3 a kan lissafin lokaci. Maki ya bi wannan rabo: 8, 6, 4, 2. Abin da ya fi faruwa shi ne akasin haka. Malami ya zauna da dare, babin da ya gama a makon jiya shi ne a ransa, sai ya ba lissafin lokaci maki 7 alhali awa uku kawai aka yi a kansa. Yaron da ya yi fashin wannan makon saboda zazzaɓi ya rasa fiye da sulusin makin, wanda ya yi fashin mako biyu na farko kuwa bai rasa komai ba.

Bayan wannan, ka sake raba makin kowane babi gida uku gwargwadon irin aikin da kake nema: abin da yaro zai tuna kawai, abin da zai yi ta hanyar da aka nuna masa a aji, da matsalar da zai zaɓi hanyarta da kansa. A maki 8 na lissafin kashi, za ka iya sa 1 ga tunawa, 3 ga aiki kai tsaye, 4 ga matsala. Ka zana wannan a ɗan jadawali kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya. Idan wani babi yana da muhimmanci fiye da awannin da ya samu, ba laifi ka ƙara masa maki, amma ka gaya wa yara tun kafin ranar.

Yarana suna lissafi daidai a kan allo, amma a jarabawa sai su zube. Faransanci ne matsalar?

Sau da yawa shi ne. Yawancin yaranmu da Fulatanci ko Hausa ko wani harshen gida suka tashi, a Cadi kuma da Larabcin can ko wani harshe, Faransanci sai a makaranta. Akwai hanya mai sauƙi ta tabbatarwa. Ka ware yara biyar ko shida da suka faɗi wata matsala, ka karanta musu ita da baki cikin harshen da suka fi ji, ba tare da ka ƙara bayani ba. Idan suka warware ta nan take, lissafin yana nan, tambayar ce ta tare musu hanya.

Amma a bambance kalmomi iri biyu. Akwai kalmar da take cikin darasin, kamar wadda ke nufin rangwamen farashi a babin kashi cikin ɗari. Wannan ka koyar da ita, kana da haƙƙin nemanta. Akwai kuma kalmar da ta shigo don ƙawata labari kawai, ko wani abu da yaron ƙauye bai taɓa gani ba, kamar na'urar hawa bene ko katin banki. Wannan a cire ta. Matsala kan buhunan masara, ko auduga, ko kuɗin kabu-kabu, tana neman lissafi iri ɗaya kuma ba ta fifita ɗan birni. Jimloli su zama gajeru, bayani ɗaya a kowace jimla, tambayar kuma a layinta ita kaɗai.

Yaya matsalar lissafi mai kyau take? A ba mu misali.

Ga wadda za mu yi amfani da ita a gurbin maki 4 ɗin nan: "Wani manomi ya girbe buhu 60 na masara. Ya sayar da 2/5 na buhunan. Kowane buhu sefa 15,000 ne. Nawa ya samu? Nuna yadda ka yi lissafin." Babu kalmar da ta wuce bukata, lambobin suna rabuwa ba saura, kuma umarnin nuna aiki yana rubuce, domin za a ba da maki a kansa. Duk abin da za ka cire wa yaro maki saboda shi, dole ya gan shi a cikin umarni.

Abin da za a kiyaye shi ne tambayoyi masu sarƙa, inda amsar ta biyu ta dogara da ta farko, ta uku da ta biyu, har guda biyar. Kuskure ɗaya a farko sai ya cinye maki goma. Ko dai ka raba su kowace ta tsaya da ƙafarta, ko ka yarda tun farko cewa za ka bi lambar yaron, kamar yadda aka nuna a amsar barem.

Tambayoyin zaɓi suna da saurin dubawa. Me ke ɓata su?

Amsoshin ƙarya marasa kan gado ne suka fi ɓata su. Idan biyu cikin huɗu kowa na iya watsar da su da kallo ɗaya, tambayar ta koma canki-canka tsakanin biyu. Amsar ƙarya mai amfani ita ce wadda ta fito daga kuskuren da yara ke yi da gaske. Ɗauki 1/2 + 1/3. Amsa ita ce 5/6. Ka sa 2/5, domin wanda ke tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, nan zai faɗa. Ka sa 2/6, domin wanda ya samo 6 a ƙasa amma ya manta bai sauya na sama ba. Ka sa 1/6, domin wanda ya ninka a maimakon ya tara. Yanzu kowane zaɓi yana gaya maka abin da ke kan yaron, kuma idan ka ga yara 30 sun zaɓi 2/5 ka san darasin da za ka maimaita ranar Litinin.

Sauran kurakuran ƙanana ne amma yara masu wayo sun san su. Amsar gaskiya takan fi sauran tsawo domin malami ya yi mata cikakken bayani. Takan yawaita a harafi ɗaya. A Faransanci kuma jinsin kalma ko jam'i a ƙarshen tambaya yakan tona amsa, idan zaɓi ɗaya ne kaɗai ya dace da shi. Ka guji tambayar da ke da korewa biyu, kuma idan dole ne ka tambayi wanda "ba" daidai ba, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar korewar.

To "gaskiya ko ƙarya" fa?

Yaron da bai buɗe littafi ba, idan ya yi ta canka, ana sa ran ya ci rabi. A takardar da duk tambayoyinta 20 irin wannan ne, rabin shi ne 10 cikin 20, daidai makin tsallakewa. A tambayoyin zaɓi huɗu kuwa canka tana ba da kimanin 5 cikin 20. Don haka kada tambayoyin "gaskiya ko ƙarya" su wuce maki biyu ko uku, kuma ka nemi yaro ya gyara jimlar da ya ce ƙarya ce. Gyaran shi ne ke ɗauke da makin.

Ba mu da kuɗin buga takarda, a allo muke rubutawa. Yaya za a yi da lokaci?

Lokaci ya fara bayan ka gama rubutu kuma ka karanta tambayoyin da ƙarfi sau ɗaya, ba daga lokacin da ka ɗauki alli ba. Ka je ka zauna a benci na ƙarshe ka duba allon da idonka, musamman lokacin hazo da aji ke yin duhu. A allon da ya koɗe, 3 da 8 ko 1 da 7 sukan rikice daga nesa, kuma yaron baya zai warware matsalar da ba ita ka rubuta ba.

Game da tsawon jarabawa, ka zauna ka amsa ta da kanka a rubuce, da duk matakan da kake so yaro ya nuna, ka duba agogo. Abin da malamai suka saba shi ne a ninka wannan sau uku ko huɗu. Idan ta ɗauke ka minti 15, awa ɗaya ta yi. Alamar cewa ta yi tsawo ita ce ka ga tambayoyin ƙarshe babu amsa a takardu da yawa, har da na yara masu ƙoƙari. A nan saurin rubutu ka auna. Ka fara da tambayoyi masu sauƙi, domin yaron da ya maƙale a ta farko yakan ɓata rabin lokacinsa a kanta.

Yaushe zan rubuta barem, kuma me zai ƙunsa?

A rana ɗaya da tambayoyin, kafin ka ga takardar kowa. Barem ba jerin amsoshi ba ne kawai, rabon maki ne mataki-mataki. A matsalar masara: maki 1 ga wanda ya gane cewa zai nemi 2/5 na 60, maki 1 ga samun 24, maki 1 ga ninka adadin buhunan da 15,000, maki 1 ga sakamakon ninkin daidai tare da ambaton sefa. Amsa ita ce sefa 360,000.

Yanzu ga takardu huɗu da tabbas za ka ci karo da irinsu. Ta farko ta rubuta 60 × 2/5 amma ta samu 25, sannan ta ninka 25 da 15,000 ta samu 375,000. Amsar ƙarshe ba daidai ba ce, amma kuskure ɗaya ne aka yi, don haka 3 cikin 4. Ta biyu ta fara da kuɗin buhunan duka, 900,000, sannan ta ɗauki 2/5 ta samu 360,000. Hanya ce daban da taka amma sahihiya ce, 4 cikin 4. Ta uku ta samu 24, ta cire daga 60, ta ninka 36 ta samu 540,000. Wannan yaron ya lissafa kuɗin abin da ya rage, ba na abin da aka sayar ba. Maki biyun farko nasa ne, na uku ba nasa ba ne domin ya ninka abin da ba a tambaya ba, na huɗu kuwa sai ka yanke hukunci ka rubuta shi. Ta huɗu ta rubuta 360,000 kawai babu aiki. Tunda umarni ya ce a nuna lissafi, maki 1.

Wani malami zai iya yanke hukunci daban a takarda ta uku ko ta huɗu, kuma ba lallai ya yi kuskure ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne takarda ta 12 ta samu 3 a kan wannan amsa, ta 67 kuma ta samu 2. Duk hukuncin da ka yanke a tsakiyar aiki ka rubuta shi a gefen barem nan take, ka koma ka duba takardun da suka wuce.

Da gaske ne malamai biyu ƙwararru za su iya ba takarda ɗaya maki daban sosai?

Gaskiya ne, kuma an daɗe da auna shi. A Amurka, a 1913, Starch da Elliott sun aika takardar lissafi guda ɗaya ga malamai sama da ɗari, makin da ta samu ya kama daga 28 har 92 cikin 100. A Faransa, binciken da Laugier da Weinberg suka yi kan takardun bakaloriya, wanda ya fito a 1936, ya ƙiyasta cewa kafin a samu makin da za a dogara da shi sai an haɗa na masu dubawa 13 a lissafi, 78 a insha'in Faransanci, 127 a falsafa. Waɗannan ba malaman banza ba ne. Kowannensu yana da abin da ya fi ba nauyi a ransa, kuma babu rubutaccen ma'auni da ya haɗa su.

Ko mutum ɗaya ma yana saɓa wa kansa. Takarda matsakaiciya takan yi kyau a ido idan ta biyo bayan munana uku, ta kuma yi muni idan ta biyo bayan mai kyau. Kyan rubutu yana jawo maki. Sunan yaron da ka san yana da ƙoƙari yana sa ka karanta amsarsa da kyakkyawan zato.

Takardu 80 ne a gabana. Wane tsari zan bi?

Ka sa yara su rubuta suna a kusurwar sama su naɗe ta. Ko da ka san rubutun wasu, ba za ka san na duka ba. Kafin ka sa jan biro, ka zaro takardu goma daga wurare daban-daban ka karanta su ba maki, don ka ga amsoshin da barem bai hango ba, ka gyara shi. Sannan ka duba tambaya-tambaya, ba takarda-takarda ba: tambaya ta ɗaya a duk takardu 80, ka cakuɗa su, sannan ta biyu. Da farko kamar ya fi wahala, amma hannu yakan saba, domin barem ɗin tambaya ɗaya ne kawai a kanka. Kuma gajiyar ƙarshen aiki ba za ta sauka a kan yara iri ɗaya kullum ba.

Idan ka gama, ka ɗauki takardu biyar daga na farko ka sake duba su ba tare da kallon makin da ka sa ba, ko ka ba abokin aikinka tare da barem. A lissafi, bambancin da ya wuce maki 1 cikin 20 alama ce cewa akwai layi a barem da bai fito fili ba. Inda makaranta ke da CM2 biyu ko uku da jarabawa ɗaya, malaman su fara duba takardu biyar tare kafin kowa ya tafi da nasa.

Insha'i da shifta ba su da amsa ɗaya kamar lissafi. Yaya barem ɗinsu zai kasance?

A insha'i ka raba maki 20 bisa abubuwan da za a iya nunawa da yatsa a takarda. Misali: 6 ga amsa abin da aka nema, 5 ga jerin tunani daga farko zuwa ƙarshe, 7 ga daidaiton harshe, 2 ga tsabtar takarda. Kowane ɗaya ka rubuta yadda cikakken maki yake, yadda rabi yake, yadda sifiri yake. "Ya yi kyau" ba ma'auni ba ne. "Wasiƙar ta ambaci wanda aka rubuta wa, dalilin rubutawa, da abin da ake roƙo" ma'auni ne. Kada kuskure ɗaya ya ci maki a gida biyu: rubutun kalma ba daidai ba na gidan harshe ne, ba ya taɓa makin tunani. Yana taimakawa ka ware takardu uku, mai kyau da matsakaiciya da mai rauni, ka ajiye su a gabanka kana komawa gare su.

Shifta kuwa tana da matsalarta. Inda ake cire maki kan kowane kuskure har a kai sifiri, yaron da ya yi kuskure 20 da wanda ya yi 45 duk sifiri ne, kuma wanda ya sauko daga 45 zuwa 22 cikin wata uku bai ga wani canji a takardarsa ba. Wannan abin yana karya zuciyar yaro. A shiftar aji, ka ƙirga kalmomin da aka rubuta daidai. Mai 60 cikin kalmomi 80 ya samu 15 cikin 20. Lokaci-lokaci ka yi musu irin ta jarabawar hukuma don su san ta, amma ka gaya musu wace iri ce ake yi yau.

Bayan na gama, ta yaya zan gane tambayar da ita ce mai laifi, ba yara ba?

Ka jera takardun daga mafi yawan maki zuwa mafi ƙaranci. Ka ɗauki 20 na sama da 20 na ƙasa, ka ajiye na tsakiya. A kowace tambaya ka ƙirga waɗanda suka ci a kowane rukuni. Mu ce a tambayar 1/2 + 1/3, 16 na sama sun ci, 6 na ƙasa sun ci. Jimilla 22 cikin 40, wato kashi 55 cikin ɗari, ba ta yi tsauri ba kuma ba ta yi sauƙi ba. Bambancin kuwa 16 a cire 6, a raba da 20, ya ba da 0.5. Tambayar tana rarrabe wanda ya iya da wanda bai iya ba. Idan wannan lamba ta gaza 0.2, a sake duba tambayar.

Wadda ta fi bukatar kulawa ita ce inda na ƙasa suka fi na sama ci, misali 7 a sama, 10 a ƙasa. Kusan kullum ɗayan abu biyu ne: ko amsar da ke barem ɗinka ce ba daidai ba, ko tambayar tana da fuska biyu kuma masu ƙoƙarin ne suka hango ta biyun. Ka kira biyu daga cikinsu su faɗa maka yadda suka fahimce ta. Idan laifin tambayar ne, ka soke ta ga kowa ka mayar da makin kan 20: wanda ya samu 12 cikin 18 da suka rage yana da 13.3. Wannan lissafi yana da iyaka. A aji mai yara 25 lambobin sun yi kaɗan a dogara da su, kuma tambayar da kowa ya ci ba lallai mara amfani ba ce, wataƙila darasin ne ya shiga.

Yara huɗu ne a benci ɗaya. Idan na yi takarda iri biyu don hana satar amsa, ban ɓata adalci ba?

Ba ka ɓata ba muddin lambobi kawai ka sauya, ba nauyin aikin ba. Buhu 60 da buhu 45, duka da 2/5 da farashi ɗaya, aiki ɗaya ne. Amma 2/5 na 60 a layi ɗaya da 3/7 na 91 a ɗaya layin ba ɗaya ba ne. Bayan dubawa ka kwatanta matsakaicin makin rukunonin biyu. Idan ka raba takardun layi-layi ba tare da zaɓe ba, amma ɗaya ya fi ɗaya da maki biyu ko uku, ka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya ta hanyar da aka nuna a amsar da ta gabata, za ka ga inda suka rabu.

Zan iya cire maki saboda surutu ko makara, ko in ƙara wa yaro mai ladabi da ya samu 9.5?

Makin lissafi na lissafi ne. Hali yana da gurbinsa a takardar sakamako, can za a rubuta shi. Idan aka gauraya su, uban da ya ga 8 cikin 20 ba zai san ko ɗansa bai iya rabawa ba ne ko bakinsa ne ba ya shiru, malamin aji na gaba ma haka.

Maganar 9.5 kuwa, gaskiya ne cewa jarabawar awa ɗaya ba ta da kaifin da za ta raba 9.5 da 10. Da ka sauya tambaya ɗaya da wata mai kama da ita, da yaron zai iya samun 11 ko 8. Amma maganin ba shi ne a ƙara wa wanda ake so ba. Ka sake duba duk takardun da ke tsakanin 9 da 10, sunaye a naɗe, da barem ɗin da ka yi amfani da shi ga kowa. Duk hukunci mai nauyi kuma, kamar maimaita aji, a gina shi kan makin sekans da yawa da aikin yaron na cikin littafinsa, kuma idan makin sekans ɗaya ya yi nisa da sauran, a ciro takardar wannan sekans ɗin a sake dubawa kafin a zauna taron malamai.